Kofunan Gilashina Sun Yi Hazo, Wanki Ya Kasa Fitar Da Shi

Assalamu alaikum Anti. Ina da kofunan gilashi goma sha biyu. Kullum ina wanke su da sabulun sanda da soso, in ɗauraye, in kife su su bushe, amma sun yi wani fari-fari kamar hazo, har kunyar fito da su nake yi. Idan suna jiƙe sai su yi kamar sun fita, da sun bushe kuma farin ya dawo. Ruwanmu ba ya kumfa sosai, butar da nake dafa ruwa ma ta yi farin ɓawo a ƙasanta. Na gwada soson ƙarfe a kan guda biyu, abin sai ya ƙara lalacewa. Akwai magani, ko in haƙura in zubar da su?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kada ki zubar da ko ɗaya tukuna, kuma ki ajiye soson ƙarfen nan gefe, domin abin da ke jikin kofunan ba irin dattin da ƙarfin hannu ke fitarwa ba ne. Narkar da shi ake yi, abin da ke narkar da shi kuwa shi ne tsami, wato farin ruwan khal, ko ruwan lemun tsami, ko garin sitirik asid da aka dama a ruwa. Amma kafin ki sayi komai da yawa, akwai ɗan gwaji na minti goma da ya kamata ki fara yi, saboda hazon da ke kama gilashi iri biyu ne masu kama da juna a ido: ɗaya yana zaune ne a saman gilashin kuma yana fita tas, ɗayan kuwa fuskar gilashin ce da kanta ta cinye, shi kuma babu abin da zai mayar da shi yadda yake.

Ki ɗauki kofi ɗaya daga cikin waɗanda ba ki goga da ƙarfe ba, ki wanke shi da sabulun ruwa don maiƙo ya fita, ki goge shi ya bushe. Sai ki zuba farin khal, ba tare da kin sirka ba, zuwa rabin kofin, ki bar shi minti goma. Bayan nan ki juye khal ɗin a wani mazubi, don zai yi miki amfani nan gaba, ki ɗauraye kofin, ki goge shi da busasshen ƙyalle har sai babu sauran laima, sannan ki ɗaga shi wajen haske. Busarwar nan ita ce ginshiƙin gwajin, domin ruwa yana cike 'yan ramukan da ke warwatsa haske, shi ya sa kofi mai hazo kowane iri yake yin garau muddin yana jiƙe. Idan kika ga layi a tsakiyar kofin, ƙasa ya fi sama haske ko da kaɗan ne, to yanar ma'adinai ce, kuma aikinki zai yi kyau. Idan kuwa sama da ƙasa duk ɗaya suke, ki maimaita da awa guda kafin ki yanke hukunci. Farcenki ma zai taimaka: yanar ma'adinai tana da ɗan kaushi, wani lokaci har farce yakan kankaro ɗan farin gari, alhali gilashin da ya cinye ba ya ba da komai.

Bisa alamun da kika bayar, ina da kyakkyawan zaton cewa gwajin zai nuna layi. Ruwan da ya ratsa duwatsun farar ƙasa a ƙarƙashin ƙasa yana narko kalsiyam da magniziyam, kuma ba a ganinsu a ido, ruwan yana nan garai-garai. Wannan shi ake kira ruwa mai nauyi. Masu auna ruwa suna lissafa nauyin da miligiram a kowace lita: daga 0 zuwa 60 ruwa ne mai laushi, daga 61 zuwa 120 matsakaici, daga 121 zuwa 180 mai nauyi, abin da ya haura 180 kuma mai nauyi ƙwarai. Lokacin da aka kife kofi jiƙe, ruwan ne kawai ke tashi ya bi iska, ma'adinan da ke cikinsa kuwa sai su zauna a jikin gilashin a matsayin kalsiyam kabonet, wanda shi ne dai abin da ya yi ɓawo a gindin butarki, kuma shi ne mafi yawan abin da ke cikin ɓawon ƙwai.

Bari mu yi lissafin da ƙiyasi, domin zai nuna miki dalilin da ya sa haƙuri ya fi ƙarfi amfani a wannan aiki. A ce ruwanku yana da miligiram 300 a lita, a ce kuma duk wanki yana barin mililita 2 na ruwa a jikin kofi, ciki da waje. Abin da zai rage bayan bushewa miligiram 0.6 ne, wanda babu idon da zai gan shi a rana ɗaya. Idan aka maimaita haka kullum har shekara guda, kuma aka ɗauka babu abin da ya taɓa fita, an tara kusan miligiram 220, wato ɗan fiye da kashi ɗaya cikin biyar na giram. Kofuna goma sha biyu ke nan ba su kai giram 3 ba gaba ɗaya. Shi kuwa farin khal na girki, wanda yawanci tsaminsa kashi 5 cikin ɗari ne, lita ɗaya tana ɗauke da tsamin da a lissafi zai iya narkar da kusan giram 40 na wannan ɓawo. Kin ga ke nan kwalba ɗaya ta ishi aikin har da ragowa mai yawa, kuma babu dalilin neman wani sinadari mai zafi. Abin da yanar ke buƙata shi ne tsamin ya taɓa ta a ko'ina, ya kuma samu lokaci, domin ta taru ne hawa bisa hawa, kuma haka za ta narke.

Sai dai a kofunanki ina kyautata zaton akwai abu na biyu da ya cuɗanya da ɓawon, kuma shi ne ke sa mutane da yawa su ce sun gwada khal bai yi ba. Sabulun sanda ana yin sa ne da mai ko kitse, kuma idan ya haɗu da kalsiyam ɗin da ke cikin ruwa sai su ƙulla wani abu mai danƙo wanda ba ya narkewa a ruwa. Wannan ne dalilin ƙarancin kumfa, domin wani ɓangare na sabulun ya tafi wajen ƙulla wannan danƙon maimakon wanki, shi kuma danƙon sai ya manne a gilashi, ƙarin sabulu kuma ƙarin danƙo ne. Tsami yana warware shi, amma ba ya ɗauke shi gaba ɗaya: yana janye kalsiyam ɗin ne ya bar maiƙon a jikin kofin. Saboda haka idan kika fito da kofi daga cikin khal kika ji yana santsin mai, ko kika ga ruwa yana tsayawa ɗigo-ɗigo a jikinsa maimakon ya malale, to aikin ya yi rabi ne, sauran rabin kuma na sabulun ruwa ne da ruwan ɗumi. Sabulun ruwa na wanke-wanke an haɗa shi ne da sinadaran da ba sa ƙulla irin wannan danƙo da kalsiyam, don haka shi nake so ki koma amfani da shi a kan gilashi daga yau.

Ga yadda za ki bi da guda goman da ba a goga da ƙarfe ba. Ki fara wanke su da sabulun ruwa, saboda maiƙon hannu da na leɓe yana hana tsami isa ga ɓawon. Ki samu roba mai ɗan zurfi wadda ba ta da faɗi sosai, ki haɗa lita ɗaya ta farin khal da lita ɗaya ta ruwan ɗumi, ɗumin da hannu zai iya jurewa. Ɗumi yana hanzarta narkewar, amma tafasasshen ruwa yana iya tsaga gilashi mai sanyi, musamman mai kaurin gindi. Ki kwantar da kofuna uku ko huɗu a ciki, ki karkata kowanne yayin da kike nutsar da shi don iskar da ke ciki ta fita, domin duk inda iska ta maƙale tsami ba zai taɓa wurin ba, kuma za ki tarar da tabon fari daidai nan. Idan ruwan bai rufe su ba, ki riƙa juya su bayan kowane minti goma, ko ki lulluɓe ɓangaren da ke sama da ƙyallen da kika tsoma a cikin ruwan. Ki ba su minti talatin. Wataƙila ki ga 'yan ƙananan kumfa suna tasowa daga jikin gilashin, wannan iskar da ɓawon ke saki ce yayin da yake narkewa, amma idan yanar siririya ce ba lalle ki ga komai ba, kuma rashin ganin kumfar ba ya nufin ba a yin aiki.

Bayan minti talatin ki ciro ɗaya, ki shafa shi da soso mai laushi ko tsumman auduga tun yana jiƙe da khal, ki mai da hankali ga gindi ta ciki da kuma baki, inda ruwa ya fi taruwa idan an kife kofi. Daga nan ki wanke da sabulun ruwa, ki ɗauraye, ki goge ya bushe, ki duba a haske. Idan ya fita, ki yi wa sauran haka, ki saka rukuni na biyu a cikin ruwan khal ɗin nan dai, ba sai kin haɗa sabo ba. In kina shakkar ko ƙarfinsa ya ƙare, ki jefa ɗan guntun ɓawon ƙwai a ciki. Muddin kumfa na taruwa a jikinsa, to da sauran aiki a ruwan. Kofin da ya ragu amma bai fita duka ba, ki cika shi da khal zalla, ki naɗe bayansa da ƙyalle jiƙaƙƙe, ki bar shi awa biyu ko uku, ko ma ya kwana, domin gilashi na yau da kullum wanda babu ado a jikinsa ba ya jin komai daga khal. Abin da kawai za ki kiyaye shi ne kada ƙyallen ya bushe a jikin kofin, saboda ɓawon da ya narke yana cikin ruwan, kuma idan ruwan ya ƙafe zai sake zama. Rufe shi da leda yana hana haka.

Idan khal bai samu ba, ko warinsa yana damun ki, garin sitirik asid yana yin aikin daidai, har ma ya fi shi idan yanar ta ɗan yi ja-ja ko ruwan ƙasa, alamar cewa akwai ƙarfe a ruwanku. Cokali biyu manya a lita ɗaya ta ruwan ɗumi sun isa. Ruwan lemun tsami ma yana yi, tsaminsa ya kai na khal, sai dai za ki matse da yawa kafin ya isa jiƙa kofuna, don haka ya fi dacewa da kofi ɗaya ko biyu, kuma dole a tace shi, a kuma ɗauraye da kyau don kada ya bar nasa danƙon.

Akwai haɗi biyu da nake so ki guje musu. Na farko na hatsari ne: kada ki taɓa haɗa khal ko wani abu mai tsami da bilic, wato ruwan nan mai kaifin wari da ake faranta tufafi da shi, ko a roba ɗaya ko a jere ba tare da ɗauraya ba, domin haɗuwarsu tana fitar da iskar kulorin mai ƙona maƙogwaro da huhu. Bilic ɗin ma ba ya narkar da ɓawo ko kaɗan, don haka ba shi da gurbi a wannan aiki. Na biyu kuma asara ce kawai: mutane suna son zuba bekin soda a cikin khal saboda kumfar da yake tayarwa, alhali kumfar nan shaida ce cewa sodar ta kashe tsamin, abin da ya rage kuma ruwan gishiri-gishiri ne da ba zai taɓa ɓawon ba. Idan kina son amfani da sodar, ki yi shi dabam bayan kin ɗauraye khal ɗin, ki dama ta da ɗan ruwa ta yi kauri ki shafa da yatsa a kan tabon da ya yi taurin kai. Ita ba ta karce gilashi, domin ta fi shi laushi nesa ba kusa ba. Ki kuma lura da inda kike ajiye robar, saboda khal yana cin dutsen mabul kamar yadda yake cin ɓawon, asalinsu ɗaya ne. Kofin da ke da zanen fenti ko zoben ruwan zinare a baki, da kuma gilashin kiristal mai nauyi wanda wasu nau'o'insa ke ɗauke da dalma, waɗannan ba a barin su su kwana a tsami. Shafawa ta 'yan mintuna da ɗauraya mai kyau ta wadatar.

Su kuwa biyun da soson ƙarfe ya taɓa, ki jiƙa su tare da sauran, za su yi haske fiye da yadda suke yanzu, amma kada ki sa rai su dawo sababbi. Idan bayan sun bushe kika ga siraran layuka masu zagaye, daidai yadda hannu ya riƙa juyawa, to karce ne, kuma karce ba ya narkewa. Soson nan mai kaushi da ake goge tukunya da shi ma haka yake yi, domin yawancinsa akwai ƙwayoyin wasa wuƙa a jikinsa waɗanda suka fi gilashi tauri, haka nan yashi. Wani abin haushin kuma shi ne wurin da ya karce ya fi saurin kama sabon ɓawo, tunda ya samu inda zai maƙale.

Idan kuma aka yi rashin sa'a wasu daga cikin goman suka kwana a khal zalla ba su canza ba, to abu biyu ne ake zato. Ko dai ruwanku yana ɗauke da silika, wanda idan ya bushe a kan gilashi yake mannewa sosai saboda shi ma dangin gilashin ne, kuma tsamin girki ba ya narkar da shi, ko kuma fuskar gilashin ce ta cinye. Cinyewar ta fi faruwa ga masu injin wanke-wanke, inda zafi mai yawa da sabulu mai kaifi suke haɗuwa a kan gilashi sau da yawa, kuma abin mamaki ta fi tsanani a ruwa mai laushi, ba mai nauyi ba, saboda sabulun da bai samu kalsiyam ɗin da zai kama a ruwa ba sai ya koma kan gilashin. Alamarta ta farko wani ƙyalli ne mai launuka kamar na bakan gizo idan an karkata kofin a haske, daga baya sai ya koma fari. Tunda ke da hannu kike wanki, wannan ya yi miki nisa. A duk halin biyun dai shawarata ita ce ki tsaya a nan, kada ki nemi magungunan cire tsatsa ko na wanke banɗaki, domin wasunsu suna ɗauke da asid mai cin gilashi da fatar hannu, kuma ba abin da za a kusantar da shi ga mazubin sha ba ne. Irin waɗannan kofuna ba su da illa ga lafiya, a ci gaba da sha da su a cikin gida. Ita ma yanar kalsiyam ɗin ba guba ba ce, kyan gani kawai take ɓatawa.

Bayan sun fita, ruwanku bai canza ba, don haka hazon zai dawo cikin 'yan makonni idan kika ci gaba da kife su jiƙe. Maganin yana cikin lissafin da muka yi a baya: ma'adinan suna cikin waɗannan mililita biyun da ke rage a jikin kofi, kuma idan ƙyalle ya tsotse su kafin su bushe, babu abin da zai zauna. Ki ware ƙyallen auduga ko na lilin guda biyu waɗanda ba sa zubar da zare, na gilashi kaɗai, ki goge kowane kofi da zarar kin ɗauraye, tun yana da ɗumi, ciki da waje da ƙarƙashin gindi. Idan ƙyalle ya jiƙe ki canza, domin jiƙaƙƙen ƙyalle yaɗa ruwan kawai yake yi. Ranar da wanke-wanke ya yi yawa har ba za ki samu damar gogewa ba, ki zuba khal cokali biyu manya a cikin kamar lita huɗu na ruwan ɗauraya ta ƙarshe, ki tsoma kofunan a ciki kafin ki kife, kuma ki kife su a kan abin da iska za ta iya shiga ta ƙasa, a ɗan karkace, don ruwa ya zurare maimakon ya taru a baki. Warin khal ɗin yana tafiya da bushewa.

Wasu suna tafasa ruwan ɗauraya su bar shi ya huce, su tsiyaye na sama. Wannan yana rage nauyin, domin zafi yana sa wani ɓangare na kalsiyam ɗin ya faɗo ƙasa, wanda shi ne ɓawon da ke butarki, amma akwai ɓangaren da tafasa ba ta taɓa shi, kuma a ganina wahalar da makamashin sun fi amfanin idan aka kwatanta da gogewar da ba ta wuce ɗan lokaci kaɗan ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne ki riƙa tsoma kofunan a ruwan khal rabi da rabi na minti goma sau ɗaya a wata, tun yanar ba ta yi kauri ba. Ragowar ruwan khal ɗin kuma kada ki zubar: ki juye a butar, ki ɗumama shi ba tare da ya tafasa sosai ba, ki bar shi awa guda, sannan ki zubar ki ɗauraye, ki tafasa ruwa zalla sau ɗaya ki zubar kafin ki koma amfani da ita.